Efidemik, endemik, fandemik: duk annoba ce ko akwai bambanci?

"Salamu alaikum Kawu, dan Allah tunda aikinka ne ka warware min wannan. A labaran lafiya sai inji ance efidemik, wani lokaci endemik, lokacin korona kuma fandemik, amma in an juya zuwa Hausa a rediyo duk annoba ake cewa. Jiya Mma taji ance korona ta zama endemik sai tace toh alhamdulillahi an gama kenan. Wanne yafi wanne tsanani? Ɗiyarka ce daga Nima a Akra."

Wa alaikumus salam ɗiyata, ya mutanen Nima, ya jikin Mma. Toh abu na farko da nake so ki riƙe shine a cikin kalmomin nan uku babu wadda take auna tsananin ciwo. Ko ɗaya. Mutane da yawa har da wasu ma'aikatan asibiti suna ɗauka kamar matakala ce, endemik ƙarama, efidemik matsakaiciya, fandemik babba mai kisa, kuma daga nan duk ruɗanin yake tasowa. Abu biyu kawai suke faɗa miki: yawan masu ciwon idan an gwada da abinda aka saba gani a wannan wurin, sai kuma nisan da ciwon ya kai a duniya. Ko yana kashewa ko baya kashewa wannan wani lissafi ne daban da muke yi a wani shafin.

Kalmomin asalinsu Girkanci ne, duka ukun suna da guntun kalma ɗaya a ƙarshe mai nufin jama'a. Endemik tana nufin a cikin jama'a, efidemik a kan jama'a, wato abin da ya faɗo musu, fandemik kuma dukkan jama'a. In kin riƙe wannan kin samu rabin hanya.

Bari in fara da endemik tunda ita ce ta ruɗa Mma. Endemik ciwo ne ɗan gida. Yana nan tare da mu shekara da shekaru, bai zo daga ko'ina ba kuma bai tafi ko'ina ba, kuma yawan da yake kama mutane kusan mun sanshi tun kafin watan ya kama. Misalin da ya fi kusa damu shine zazzaɓin cizon sauro, maleriya. Ni nan Kumasi na fi shekara ashirin ina aikin sa ido kan cututtuka, kuma in damina ta sauka ba sai kowa ya gaya min abinda zan tarar a kilinik ba. Benci cike da uwaye, kowacce da goyo jiki zafi rau, nos na tsira wa yaro allura a yatsa ta ɗiga jinin a ɗan farin abin gwajin nan, a jira minti goma sha biyar zuwa ashirin, layi biyu su fito, a rubuta magani, na gaba ya matso. Haka za'a yini. Babu ɗan jaridar da zai zo, babu minista da zai yi jawabi, saboda abin da aka saba ne.

Amma ki duba abinda wannan ɗan gidan yake yi. Maleriya tana kashe mutum wajen 600,000 a duniya duk shekara, kusan kashi 95 cikin 100 a nan Afirka, kuma mafi yawansu yara ne da basu kai shekara biyar ba. Ebolar da ta girgiza duniya daga 2014 zuwa 2016 duk gaba ɗayanta ta kashe mutum dubu goma sha ɗaya da ɗari uku ne da ɗoriya. Kinga kenan abinda Ebola tayi a shekara biyu da wani abu maleriya tana yinsa cikin kwana bakwai ko takwas, kuma ita sunanta endemik. Wannan abin yana ci min rai wallahi, don duk sanda naji wani yace ai ta zama endemik a huta, sai in tuna yaran da aka kawo mana da daddare suna fizge-fizge jini ya ƙare musu, uwar tace ai zazzaɓi ne kawai shiyasa muka jira.

Sannan kalmar a ɗaure take da wuri. Ba'a cewa ciwo kaza endemik ne a tsaya nan, sai an ce a ina. Maleriya endemik ce a Ghana, amma a Ingila in likita yaga mai maleriya tambayarsa ta farko ita ce daga wace ƙasa ka dawo. Zazzaɓin Lassa ɗan gida ne a wasu jihohin Najeriya da Saliyo, mu nan jefi-jefi muke ganinsa. Kuma hawa da saukar da ciwo yake yi bisa lokaci baya fitar dashi daga endemik. Maleriya ta ƙaru a damina ta ragu da rani, wannan numfashinta ne na kullum, mun san dashi.

Toh yaushe ake cewa efidemik? Lokacin da masu ciwon suka wuce abinda aka saba gani a wannan wurin a irin wannan lokacin, wucewa ta a fili. Wannan ita ce ainihin annoba da kakanninmu suka sani, abin da ya faɗo wa gari. In a ƙaramin wuri ne kamar makarantar kwana ɗaya ko unguwa ɗaya sai muce ɓarkewa, in ta faɗaɗa sai muce efidemik, amma a gaskiya ma'anarsu ɗaya ce, girman wurin ne kawai, kuma sau da yawa hukuma ta fi son kalmar ɓarkewa don kar hankalin mutane ya tashi.

Inda aikin yake shine wannan "abinda aka saba" ɗin. Ba da ka ake faɗa ba. Kowane kilinik da asibiti yana da rajista, duk ƙarshen sati ana ƙirga wasu cututtuka da aka ware a tura adadin zuwa ofishin lafiya na gunduma, daga nan zuwa jiha zuwa Akra, ko ba'a ga kowa ba sai an rubuta sifili an tura, don shiru ba amsa bace a wannan aikin. Daga waɗannan lambobin na shekarun baya muke jan layi. Bari in baki misali da lambobin da na ƙirƙira don ki gane. Ace wani kilinik a watan Yuni na shekaru biyar da suka wuce ya ga masu maleriya 410, 380, 450, 395, da 430. Wata hanya mai sauƙi da ake amfani da ita, sai a jera su a ɗauki na biyu daga sama, wato 430, a ce shine layin gargaɗi na watan Yuni. In bana an ga 420, duk da cewa mutum ɗari huɗu da ashirin ba wasa bane, babu labari, gida ne. In an ga 700 toh dole a tashi a je a duba me ya faru. Kuma Yuni da Yuni ake gwadawa, in kika gwada Yuni da Janairu kullum zaki riƙa ganin annobar da babu ita.

Amma ciwon da nafi so in tsaya a kai shine sanƙarau, don shi layinsa a rubuce yake ƙarara, kuma na yi aikinsa da hannuna shekarun da aka tura ni arewa. Kin san arewacin Ghana yana cikin yankin da ake kira ɗamarar sanƙarau, wani dogon zirin ƙasashe daga Senegal har Habasha, ya ratsa ta Burkina da Nijar da arewacin Najeriya. A wannan yankin duk shekara in hunturu ya shigo, iska ta bushe, ƙura ta tashi, har zuwa zafin bazara kafin ruwan farko, ana samun masu sanƙarau. Ƙura da bushewa suna raunata cikin hanci da maƙogwaro, ga mutane suna cunkushe a ɗaki ɗaya an rufe taga saboda sanyi, ƙwayar cutar da dama tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu komai ba sai ta samu ƙofa ta shiga jini ta hau kan rigar ƙwaƙwalwa. Mutum ɗaya yau, wani bayan sati biyu. Wannan matakin endemik ne.

Ga layin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja. A yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, in an samu waɗanda ake zargin suna da sanƙarau 3 a cikin kowane mutum 100,000 a sati ɗaya, an taka layin gargaɗi. In an kai 10 a cikin 100,000 a sati ɗaya, an taka layin annoba, an shiga efidemik. In yankin bai kai mutum 30,000 ba ba'a wahalar da kai da rabawa, mutum 2 a sati gargaɗi ne, mutum 5 a sati annoba ce, haka kuma in adadin yana ninkawa sati bayan sati cikin sati uku.

Mu ɗauki yanki mai mutum 80,000 a matsayin misali. Satin farko na Fabrairu an kawo mutum 1, wuya ya sanƙare, zazzaɓi mai zafi, baya son haske. Lissafin shine ki raba 1 da 80,000 ki ninka da 100,000, zai baki 1.25. Ƙasa da layi, a yi masa magani a rubuta. Sati na biyu mutum 3, lissafi ya bada 3.75, an haye layin gargaɗi. Daga ranar aiki ya canza. Za'a sanar da na sama, a tabbatar duk wanda aka kawo an ɗebi ruwan bayansa da allura an tura ɗakin gwaji don a san wace irin ƙwaya ce, a duba sito a ga ko akwai allurar maganin seftiriyazon isasshiya, a kira kilinik-kilinik na ƙauyuka a ce ku buɗe ido. Sati na uku mutum 5, wato 6.25, har yanzu gargaɗi. Sati na huɗu mutum 9, lissafi ya bada 11.25. An taka layin annoba. In gwajin ya nuna irin ƙwayar da ake da rigakafinta ce, sai a nemi allurar a yi wa jama'ar yankin gaba ɗaya, kuma ana so a yi cikin sati huɗu da taka layin, don in aka yi jinkiri annobar zata ci ta ƙoshi ta sauka da kanta kafin allurar ta iso.

Yanzu ki ajiye lambobin nan biyu kusa da juna. Mutum 420 masu maleriya a wata ɗaya, ba annoba ba. Mutum 9 masu sanƙarau a sati ɗaya, annoba. Wanda bai san aikin ba zai ce an yi son kai ko ana ɓoye wani abu, alhali kowane ciwo da ma'auninsa ake auna shi. Kuma dalilin da yasa aka sa layin sanƙarau ƙasa haka an gani ne a jiki. A 1996 zuwa 1997 sanƙarau ya kama mutum wajen 250,000 a wannan ɗamarar ya kashe wajen 25,000, arewacin Najeriya ya sha wuya sosai a lokacin, tsofaffin Kano da Katsina har yau suna bada labari. Ciwo ne da zai iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu, in ya bar shi da rai ma wani ya bar shi da kurumta. Wanda ya jira sai asibiti ya cika kafin ya kira shi annoba ya makara.

Akwai wani tarko a lissafin nan da na taɓa faɗawa ciki da kaina ina sabon shiga. Gunduma babba, ace mutum 200,000, an samu 12 a sati. Ki raba, zai baki 6 a cikin 100,000. Na rubuta gargaɗi na kwanta. Washegari wata tsohuwar nos, Allah ya saka mata da alheri, ta ce min ɗana ka duba garuruwan da suka fito kuwa? Na koma rajista na bi layi-layi da yatsa, sai ga mafi yawansu daga ɓangare ɗaya suke. In a misalinmu 9 daga cikin 12 ɗin sun fito daga yanki mai mutum 40,000, lissafinsu 22.5 ne, sun ninka layin annoba har da ƙari, amma yawan jama'ar sauran gundumar ya shanye su kamar an zuba cokalin gishiri a randa. Shiyasa ƙa'ida tace in gunduma ta wuce mutum 100,000 a yanka ta ƙanana a yi wa kowane yanki lissafinsa. Tun daga ranar bana kallon jimla sai na kalli adireshi.

Tarkon yana da ɗan'uwa ta ɗaya gefen, wato lamba ta tashi alhali ciwon bai ƙaru ba. An kawo sabbin kayan gwaji bayan wata uku babu, sai masu maleriya su ninka a takarda. An buɗe sabon kilinik ko an ce magani kyauta, mutanen da da suke zuwa kemis su saya su sha a gida duk sun fito. Asibitin maƙwabta ya rufe na ɗan lokaci, marasa lafiyarsa sun dawo wajenmu. Ko kuma adadin jama'ar da muke rabawa dashi na tsohuwar ƙidaya ne, unguwa irin su Aboabo ko Nima ta cika ta batse amma takarda bata sani ba. Don haka in lamba ta yi tsalle bama rugawa rediyo, sai mun tambaya me ya canza a ƙirgar kafin mu ce wani abu ya canza a ciwon. Wannan ma yana cikin dalilin da yasa wani lokaci zaki ga mutanen unguwa sun riga hukuma cewa annoba, ita tana jiran sakamakon gwaji.

Sai kuma cututtukan da abinda aka saba gani nasu sifili ne. Su mutum ɗaya ya isa. A watan Yulin 2022 nan jihar Ashanti aka tabbatar da cutar Marburg, 'yar'uwar Ebola, karo na farko a Ghana. Cibiyar Noguchi da ke Legon ta gwada, aka tura Dakar aka sake tabbatarwa. Gaba ɗaya mutum 3 aka tabbatar, 2 suka rasu. Amma an ayyana ɓarkewa, aka bi duk wanda ya taɓa su ana auna zafin jikinsa kwana 21, kuma ba'a ce ta ƙare ba sai a watan Satumba bayan an ƙirga kwana 42 babu sabon kamu, wato ninki biyu na mafi tsawon lokacin da ƙwayar take ɓoye a jiki. Mutum uku. A satin nan kaɗai Allah ne ya san yawan masu maleriya a Kumasi.

Fandemik kuma efidemik ce da ta ƙetare iyakoki da teku, tana yaɗuwa a nahiyoyi da yawa lokaci ɗaya, galibi sabuwar ƙwaya ce da jikin mutane bai santa ba. Abin lura a nan shine yaɗuwa a cikin gida. Matafiyi ya ɗauko ciwo ya sauka a wata ƙasa aka kwantar dashi, wannan bai sa ƙasar ta shiga lissafi ba. Sai in mutanen ƙasar da basu je ko'ina ba sun fara ɗauka daga junansu. Ebolar 2014 ta nuna wannan sarai. Ta kama mutum sama da 28,000, kusan duka a Gini da Laberiya da Saliyo. Ta leƙa Najeriya ta kama mutum 20 aka shaƙe ta, ta leƙa Amurka da Sifen da mutum ɗaiɗai, mu nan Ghana Allah ya tsare bata shigo ba duk da cewa a Akra Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hedikwatar yaƙi da ita. Ciwo mai kisa na gaske, cikin mutum goma wajen huɗu suka tafi, amma har ta ƙare sunanta efidemik, don bata kafa gindi a wasu nahiyoyi ba. Ita kuwa murar 2009 da aka kira murar aladu, ga mafi yawan waɗanda ta kama mura ce aka yi kwana kaɗan aka warke, amma an kira ta fandemik a watan Yunin shekarar saboda ta zagaye duniya.

Korona kin ganta da idonki. Ta fara a matsayin ɓarkewa a birnin Wuhan ƙarshen 2019, ta zama efidemik a Chana, sai ranar 11 ga Maris 2020 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya Tedros ya ce yanzu ana iya kiranta fandemik, lokacin an ƙirga mutum sama da 118,000 a ƙasashe 114. Washegari 12 ga wata Ghana ta sanar da mutum biyunta na farko, kafin ƙarshen watan an kulle Akra da Kumasi sati uku, kin tuna yadda titin Nima ya yi tsit, babu tirotiro babu masu waake, masallatai a rufe. Abinda mutane da yawa basu sani ba shine ƙararrawar da take da nauyi a doka an riga an buga ta tun 30 ga Janairu, wadda ake kira dokar ta-ɓaci ta lafiya da ta shafi ƙasa da ƙasa. Wannan wata aba ce daban da fandemik. An buga ta don Ebola, an buga ta don shan inna, an buga ta don ƙyandar biri, kuma duk ba'a kira su fandemik ba. A labaran Hausa sau da yawa ana cakuɗa biyun. Abinda aka ɗage ranar 5 ga Mayu 2023 wannan dokar ta-ɓacin ce, ba wanda ya ce ƙwayar ta bar duniya.

In kina so ki ga ciwo ɗaya sanye da riguna ukun a lokaci ɗaya ki dubi kwalara, kuma ku mutanen Akra kun fi kowa saninta. A duniya masana suna cewa har yanzu muna cikin fandemik ta bakwai ta kwalara, wadda ta taso daga Indonesiya a 1961 ta iso Afirka ta Yamma a 1970, shekarar da ta shigo Ghana. A wasu wuraren da ruwan sha da bahaya suke haɗuwa ta zauna ta zama 'yar gida. Sannan lokaci-lokaci sai ta yi tsalle, kamar 2014 da ta kama mutum sama da 28,000 a ƙasar nan, mafi yawa a Akra da kewaye, sama da 240 suka rasu. Wanda ya ce mata fandemik bai yi ƙarya ba, wanda ya ce endemik bai yi ƙarya ba, wanda ya ce efidemik a 2014 shima gaskiya ya faɗa, kowa da inda ya tsaya yake kallo da tsawon lokacin da yake aunawa.

Toh mu dawo kan Mma. Ki gaya mata abinda ake nufi da korona ta zama endemik shine ta tare, ta samu ɗaki a gidan kamar mura da maleriya. Mafi yawan mutane sun taɓa kamuwa ko sun yi rigakafi ko duka biyun, jiki ya santa, don haka ba'a ganin irin cikar asibiti ta da, kuma hawa da saukarta ya fara zama abinda ake iya hasashe. Ta wannan fuskar tana da gaskiya ta yi hamdala, ni ma na yi. Amma ga mai shekarunta, musamman in akwai hawan jini ko ciwon suga, tari da zazzaɓi da numfashi sama-sama har yanzu abin zuwa asibiti ne a ranar, kar a tsaya jiƙe-jiƙe kwana uku. Kuma ɗan gida yana iya tashi ya yi tsalle, in sabon nau'i ya fito ko kariyar jiki ta yi sanyi sai a sake ganin efidemik a wani gari.

Haka kuma endemik bata nufin har abada. Kurkunu ɗan gida ne a arewacin Ghana tun kaka da kakanni, ni na ga manoma kwance a lokacin shuka ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan tana fitowa daga ƙafa, amma da tace ruwa da rijiyoyin burtsatse da bin ƙauye-ƙauye aka ga na ƙarshe a 2010, aka bamu shaidar rabuwa dashi a 2015. Agana ma haka, Mma zata iya tuna masu zanen ta a fuska, an shafe ta daga duniya baki ɗaya a 1980. Maleriya ma shiyasa Ghana ta shiga sahun farko tare da Kenya da Malawi a 2019 wajen yiwa yara allurar rigakafinta.

Game da masu fassara a rediyo bana ganin laifinsu sosai, Hausa annoba ta bamu kuma kalma ce mai kyau, ta dace da efidemik daram. Ni in ana hira dani a gidan rediyo nakan ce annobar da ta game duniya in ina nufin fandemik, in ce ciwon da ya zama ɗan gida in ina nufin endemik, kuma bana taɓa kiran endemik annoba, don in ka kira maleriyar kullum annoba ranar da ta gasken ta zo baka da sauran kalmar da zaka tada mutane da ita. Ke kuma in kinji ance annoba ta ɓarke, ki kasa kunne ki ji ko sun faɗi a wane gari, mutum nawa cikin kwana nawa, da kuma nawa aka saba gani a wurin. In sun faɗi biyun farko basu faɗi na ukun ba, labarin bai cika ba tukuna. In kuma kwalara ce aka ambata a Akra kar ki jira na ukun, ki fara tafasa ruwan sha daga ranar, ki ajiye gishirin zawo na sacet a gida, duk wanda ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa a fara bashi yana sha ana kan hanyar asibiti. Ki gaida min Mma da kyau, ki ce mata ina nan zuwa Akra bayan sallah in Allah ya yarda.